Wayar Alhaja

In ana lissafa waɗanda suka shigo da zamani birnin Kano, ni dai ban ga dalilin da za a tsallake ni ba. A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba, lokacin da masinja ke sayen babur ya manta inda ya ajiye shi, ni ne mai sasanta injuna biyu da ba sa jin maganar juna. Har gobe ina faɗa a majalisa cewa tsarin da na rubuta bai taɓa kuskure ba. Abin da aka ce ya yi, shi ya yi, kuma da hakan ne ya kusa raba wata baiwar Allah da mutuncinta a Kantin Kwari.

Kamfaninmu na dillancin atamfa da shadda ne. Sito yana Fagge, ofis yana Sabon Gari. A sito akwai wani tsohon inji mai huda kati, wanda ina zaton da shi aka yi lissafin harajin zamanin Turawa. Duk ɗan kasuwar da ya nemi kaya, akawu zai buga buƙatarsa, injin ya huda masa kati mai gurbi tamanin. A ofis kuwa akwai kwamfuta, girmanta ya kai ɗakin amarya da kayansa, an ba ta na'urar sanyi ita kaɗai, mu muna gumi a baranda. Kowace Alhamis da la'asar nakan ɗaure akwatin katunan a bayan Besfa in kai mata. Ta karanta, ta tara buƙatun kowa, ta buga takardun kai kaya, Asabar mota ta fita rabo.

Matsalar ita ce injin sito yana rubuta kwanan wata da rana a gaba, kwamfuta kuwa sai an fara mata da shekara, sannan wata, sannan rana, don ta iya jera su. Injin sito kuma bai san an canza kuɗi ba, yana nan da gurbin fam da na sule da na kwabo. Saboda haka na rubuta ɗan tsari da ke zaune a tsakani kamar tafinta. Ya juya kwanan wata. Ya mayar da farashi gaba ɗaya tsohon kwabo, ya ninka sau biyar, ya raba shida, sai ga sabon kwabo. Guntun da ya rage ba a cike shi sai a jimla, don in ka cike a kan kowane yadi, kafin dila ta ƙare ka yi wa wani kyautar turmi. Wannan duk ya tafi sumul, har manajanmu, wani mutum mai tsoron hedkwata fiye da tsoron zazzaɓi, ya fara kirana Injiniya a gaban baƙi.

Sai hedkwata ta aiko daga Legas cewa lambobin wayar abokan cinikinmu ba su da fasali. Gaskiya ce kuwa. A katunan, wani akawu ya sa harafin K a gaban lamba, wani ya sa sifili, wani ya ja karan tsaye ya ƙara harafi a baya, wani ya bar fili a tsakiya. Kowane ɗan kasuwa, yadda aka fara rubuta masa ranar da aka buɗe masa kati, haka ake ta kwafa. Hedkwata ta ce a daidaita: lambar gari a gaba, lambar waya a baya, ban da harafi, ban da ado. Na ƙara wa tafintana layi kaɗan, ya riƙa tsince komai, har da sifilin gaba, sai lamba zalla. Na gwada da katunan manyan dilolinmu, suka fito fes kamar an yi musu wankan Sallah.

Akwai abin da kowa ya sani, ba wanda ya haɗa shi da wannan gyara. Tun da aka kafa kwamfutar, da gurbin waya take gane mutum. Haka aka tsara ta a Legas, inda kowane dila ke da wayarsa. In ta ga kati biyu masu rubutu iri ɗaya a gurbin, sai ta ce mutum ɗaya ne, ta haɗa buƙatunsu, ta ɗauki sunan da ta fara tararwa. A Kwari kuwa, layi guda na masu atamfa waya ɗaya gare su, tana shagon Alhaja.

Alhaja Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, kakanta ne ya zo da fataucin goro ya zauna. Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta fara samun waya a layin, sai kowa ya riƙa ba da lambarta. In an kira, ta leƙo ta ƙwala wa mai ita kira, ko ta riƙe saƙo. Ba ta karɓar ko sisi. Ashe duk tsawon lokacin nan, harafin K da sifili da karan tsayen akawuna ne suke raba mutanen layin a idon kwamfuta. Ni kuma na zo na share su.

Alhamis ɗin ta faɗo cikin azumi, makon rabon kayan Sallah, lokacin da atamfa ke wuya, kamfani ke yanka wa kowa kasonsa. Na kai katuna, tafinta ya yi aikinsa. Na duba jimlar dilolin atamfa da suka shiga da waɗanda suka fita, daidai. Jimlar kuɗi, daidai. Yawan mutane ne ya ragu, shi kuwa ba ya cikin abin da muke dubawa, don ba mu taɓa jin inda mutane suka ƙare a cikin inji ba.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin layin, 'yan dako suka fara jibge dila a ƙofar Alhaja. Suka cika shagon, suka cika baranda, suka tare hanya. Direban ya rantse mini daga baya cewa sai da aka daina ganin rana a layin, amma shi ma gwanin ƙari ne. Maƙwabta suka fito da murna, kowa na jiran a kira sunansa. Takarda ɗaya ce, suna ɗaya, na Alhaja.

Akwai wani Malam a layin, tsohon hedimasta da ya ajiye alli ya kama awon yadi, mutum mai magana a hankali da jera hujja. Shi ya ce abin a bayyane yake: duk kiran da kamfani ke yi ta hannun wa yake bi? Wa ya san abin da ake faɗa a wayar in ba mai ita ba? Kafin azahar magana ta zaga Kwari cewa Alhaja ta haɗa baki da kamfani ta kwashe kason layi don ta sayar musu da tsada. Mutanen da suka shekara suna shan ruwan randarta suka wuce ba sallama. Aka ce za a kai ta gaban dattawan kasuwa. Wani ma ya tuno cewa dama ba 'yar gari ba ce, alhali a Fagge aka binne cibiyar ubanta.

Ita kuwa ta ƙi sa hannu a takardar. Ta sa aka ɗora mata kujera a kan dila, ta hana direba motsawa, ta ɗaga wayar nan ta kira ofis. Manaja ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce Injiniya ake nema.

Na je da niyyar in yi mata bayani a cikin shago, a asirce. Ta ce a'a.

"Ɗana, a waje aka zage ni. A waje za ka faɗa."

Na koma sito na ɗauko katunan layin, na hau kan dila kamar mai wa'azin kasuwa. Na ce injin ofis ba ya karanta suna, waya yake karantawa. Na nuna katin Alhaja, lamba da K a gabanta. Na nuna na Malam, lambar nan dai da karan tsaye da harafi. Injin sito yana buga rubutun a saman kati, don haka kowa ya ga nasa da idonsa. Na ce ranar Alhamis an goge waɗannan alamomi a cikin inji bisa umarnin Legas, sai kowa ya koma lamba ɗaya, kuma katin Alhaja ne a gaba don ita ta fi kowa daɗewa da kamfani.

Malam ya karɓi katinsa, ya ɗaga shi sama yana leƙen rana ta hujin. Ya tambaya ko Alhaja na da hanyar sa injin ya yi haka ta waya. Na ce ni kaina da nake shafa shi kullum sai na roƙe shi. Ya sake tambaya, to buƙatarsa tana nan yadda ya bayar? Na ce ga ta a katin, ko turmi ɗaya bai ɓata ba, haɗa su kawai aka yi. Ya gyara hularsa, ya taka har gaban kujerar.

"Alhaja, na yi miki zato, kuma na yaɗa shi. Ki yafe mini."

"Na yafe, Malam. Amma daga yau in matarka ta kira, kai za ka riƙa tsayawa ka ji faɗan da kanka. Na gaji da rage masa zafi kafin in isar."

Aka yi dariya, irin ta masu azumi, ba ƙarfi. A nan bakin layin aka raba kayan da katuna a hannu, ina kiran suna, 'yan dako na ja. Wanda ya tuno asalin Alhaja ya ɗauki dilarsa ya sulale ta bayan mota. An ce daga ranar, in an kira shi ta wayar Alhaja, ba a ƙara samunsa a shago ba.

Mako na gaba na zauna na gyara. Manaja ya so a ba kowa sabuwar lamba ta kansa, amma hakan na nufin sake huda katunan kamfani gaba ɗaya ana tsakiyar cinikin Sallah, sai aka ɗage zuwa bayan Babbar Sallah, aka kuma ɗagewa. Abin da na yi shi ne, na bar gurbin waya yadda akawuna suka rubuta shi, da K da sifili da karan tsaye, kwamfuta ta ci gaba da gane mutane da shi. Tsabtatacciyar lambar kuma tafinta ya riƙa rubuta ta a wani gurbi daban a ƙarshe, don Legas ta gani ta ji daɗi. Na kuma ƙara ƙidayar mutane cikin abin da ake dubawa kowace Alhamis: in an shiga da yawa an fito kaɗan, injin ya tsaya ya yi ƙorafi.

Bayan Sallah na bi ta layin da sabuwar shaddata, na tsaya gaida Alhaja. Ta sa aka kawo mini lemo, ta tambayi lafiyar injin kamar mai tambayar surukin da ba a shiri da shi. Ni kuwa na gyara zama na kwashe bayani tun daga gurbi na ɗaya, na ce irin wannan gyara ko a Ingila sai an tara ƙwararru. Ta saurara har na ƙare, tana ninke turmi.

"Wato dai, ɗana, shara ka yi, da ka ga abin da ta jawo ka kwaso ta ka mayar inda take. Kuma a kan wannan suke ce maka Injiniya."