Ranar da wuta ta yi wa gidanmu yawa

A shekarun da muka zauna a Tudun Fulani, wutar unguwarmu ba ta cika zuwa da ƙarfi ba. Ƙwan fitila ja yake zama kamar garwashi, fanka kuwa sai an tura ta da sanda. Saboda haka ne maigidana ya sa aka jawo mana layi uku daga falwaya, aka raba su: ɗaya ya ɗauki falo da ɗakinmu, ɗaya kicin da ɗakin mahaifiyarsa, na ukun shagona na ɗinki da ke bakin ƙofa. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi gaban mita ya nuna masa fis uku a jere, kamar shi ya ƙera su.

Wata Asabar cikin damina, bayan an yi ruwa da iska da asuba, aka kawo wuta wajen ƙarfe tara. Gari ya yi duhu saboda hadari, fitilu duk a kunne. Ina shago ina guge ɗinkin anko da za a karɓa da yamma, sai na ji maigida yana ƙwala mini kira.

Na same shi tsaye a tsakiyar falo, hannu a ƙugu. Ƙwan falon ya yi fari fat, ba ya kalluwa. Fankar sama tana gudu tana kaɗa labule, har ta ɗaga kalandar bango.

"Kin gani?" ya ce. "Wannan ita ce wuta. Tun da muka zo Minna kin taɓa ganin irinta?"

"Ban taɓa ba, Maigida. Amma me ya sa nawa shagon ya dushe? Dutsen gugana ma da ƙyar yake zafi."

"Dutsenki ne ya tsufa."

Muna cikin haka surukata ta fito. Mutuniyar Bida ce, kowa a gidan Nna yake ce mata. Ta ce ita dai an zalunce ta, ƙwan ɗakinta yana ta wasa, ya haska ya dushe, firjin kicin kuma yana gurnani ya kasa tashi. Ta dubi falon ta dubi ɗanta.

"Wato ka kwashe mai kyau ka kai ɗakinka, ka bar wa uwarka ragowa."

Ya rantse bai taɓa komai ba. Ba ta yarda ba.

Na koma shago. Daga inda nake guga ana hango tagar falo, a nan na lura da wani abu. Dutsen guga irin mai kashe kansa ne idan ya yi zafi. Duk sanda ya yi ƙas ya kunna, ƙwan shagona sai ya dushe, na falo ya ƙara haske. Idan ya kashe, falon ya ɗan lafa. Na zare filogin, na mayar, har sau uku, kowane karo haka. Na je na faɗa masa.

"Dutsen guga a shago, ina ruwansa da falo? Layinsu ma ba ɗaya ba ne," ya ce, yana kunna talabijin don yaranmu su yi kallo. Sitabilaizar da ke ƙarƙashinta tana ta ƙas-ƙas ba tsayawa, ya ce murna take yi.

Ba a yi minti biyu ba ƙwan falon ya yi fau ya fashe. Talabijin ta yi ƙara, hoton ya tattare ya ɓace, hayaƙi mai warin ƙonannen roba ya fito ta bayanta. Yara suka watse waje.

Ihunsu ne ya jawo maƙwabcinmu, wani dattijo Bagware da ya yi shekaru yana hawa falwaya a kamfanin wuta kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Ya shigo da fartanya a hannu, daga lambun bayan gidansa. Ya ɗaga kai ya ga yadda fanka take gudu, bai ko amsa gaisuwa ba, ya wuce wajen mita ya kashe babban makunni. Gidan ya yi tsit.

"Ku cire duk abin da yake soket," ya ce. "Har na cajin waya."

Sai da muka gama ya tambayi abin da muka gani. Maigida ya fara bayanin cewa wutar gari ce ta zo da ƙarfi.

"Wutan gari lafiyanshi kalau," Baba ya ce da irin Hausarsa. "Gidana muna kan taransifoma ɗaya, ba abin da ya faru. Naka ne kawai."

Na ba shi labarin dutsen guga. Ya nuna ni da yatsa.

"Madam ya gane. Kai oga, kana nan kana yi wa wuta tafi."

Ya fitar da mu titi ya nuna saman falwaya. Wayoyi huɗu ne suke zuwa gidanmu. Uku suna ɗaure daram, ta huɗun ta rabu da mahaɗinta tana lilo, bakinta ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Ya ce ita ce nutural. An haɗa jan ƙarfe da alminiyom a wurin, ruwa ya daɗe yana cin mahaɗin, iskar asuba ta ƙarasa shi.

Ya yi mana bayani a tsaye a nan. Layukan uku su suke kawo wuta, nutural ita ce hanyar da dukansu suke komawa, ita take riƙe kowane layi a kan ƙarfinsa na kusan bolt ɗari biyu da talatin. Idan ta tsinke, wutar da ta shiga ta wannan layi sai ta bi ta cikin kayan gida ta fita ta wancan, tsakanin layi da layi kuwa kusan ɗari huɗu ne. Sai su raba ta ba daidai ba: ɓangaren da ke da kaya masu jan wuta, irin dutsen guga, nasa ya yi ƙasa, wanda ke da 'yan ƙwayaye da talabijin ya kwashi sauran.

"Idan ka ga wani ɗaki haske ya yi yawa, wani ya dushe, ka kunna abu a nan, can ya canza, kuma maƙwabta lafiya, kada ka jira. Kashe babba."

Nna ta ce, "To, ashe ba shi ya sace mini ba." Ba ta dai ba shi haƙuri ba.

Maigida, don ya farfaɗo da darajarsa, ya ce bari ya ɗauko tsani da gora ya maƙala wayar, abu ne na minti biyar. Baba ya riƙe masa hannun riga. Ya ce shi kansa da ya yi aikin ba zai hau ba sai an kashe layin, kuma wayar da ke lilo, idan aka kunna gidan, ita ma wuta gare ta. Suka hau babur tare suka je ofishin wuta suka kai rahoto.

Ni kuma na aro dutsen gawayi wajen matar Baba na ƙarasa ankon. Ma'aikatan ba su zo ba sai ranar Litinin da hantsi. Suka kashe layin unguwa, ɗaya ya hau ya yanke ruɓaɓɓen bakin ya ɗaure da sabon maɗauri, suka auna layukan uku kafin su bari a kunna.

Firji ya tsira, fanka ma, ko da yake tun daga ranar take kuka idan tana juyawa. Sitabilaiza da cajar wayar maigida sun tafi. Talabijin kuwa shi ya rungume ta a bayan ɗan acaɓa zuwa wajen mai gyara a Bosso. Ɗan acaɓan ya ba ni labari daga baya cewa da mai gyaran ya tambayi me ya same ta, maigida ya yi masa bayanin nutural tiryan-tiryan, har ya ƙara da cewa shi ne ya fara lura da dutsen guga.