Amsar da Muka Ba Mai Kwaɓin Burodi

Shekarar da nake manaja a wani gidan burodi a Kurmin Sarki, babban mai kwaɓinmu wani mutumin Kudu ne, Kirista, wanda ya daɗe yana haya a Suleja har Hausa ta zauna a bakinsa. Masta muke ce masa. Ya riga ni zuwa gidan, kuma kowa ya san ɗanɗanon burodinmu daga hannunsa yake.

Ana saura 'yan makonni azumi ya same ni a ofis, numfashinsa na fita da ƙara kamar usur. Ya ajiye takardar likita a kan tebur.

"Manaja, asma ce, kuma ba ta warkewa. Likita ya ce ƙurar fulawa ce ke tayar min da ita. Ba barin aiki nake so ba. A ɗauke ni daga ɗakin kwaɓi, a sa ni a motar rabo, a bar ni in riƙa zuwa asibiti ranar da aka ba ni."

Na ce masa zan kai wa Alhaji, mai gidan burodin, domin shi ke da ta cewa.

Alhaji bai ma gama karanta takardar ba ya ture ta.

"Yanzu, da azumi a bakin ƙofa? A saya masa takunkumi. In ba zai iya ba, ya faɗa mana mu nemi wani."

Ban kai wa Masta wannan amsa ba. Na dai tambaye shi ko takunkumi zai isa. Ya ce ya yi wata da watanni yana sawa, ya kuma faɗa wa likitan, likitan ya ce sai dai ya rabu da ƙurar. Sai na zaga gidan ina duba inda zai iya tsayawa. Ɗakin naɗa leda ƙofarsu ɗaya da ɗakin kwaɓi, na shafa tebur hannuna ya fito fari. Wajen gashi hayaƙi ne. Motar da ke kai burodi Zuma da Izom kuwa ita ke ɗauko buhunan fulawa a kan hanyar dawowa, abin da shi kansa Masta ya manta. Saura shagon gaba, inda dillalai ke karɓar kaya, kuma ɗan yayar Alhaji ne a wurin.

Washegari, tun ban koma wa Alhaji ba, ma'aikata suka ƙwala min kira. Na tarar da Masta a durƙushe a bakin ƙofar ɗakin kwaɓi, ya dafa gwiwa, ya kasa magana. Muka fitar da shi iska, aka lalubo maganin asmar da yake shaƙa a aljihun rigarsa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, numfashin bai daidaita ba, muka sa shi a keke-napep sai asibiti. Can ya kwana.

Daga asibitin na wuce gidan Alhaji.

"Alhaji, in ka ce a sallame shi, gidanka ne. Amma ni ba zan sake ce masa ya shiga ɗakin nan ba."

Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin nawa aikin.

"To wa zai yi kwaɓin?"

"Mataimakinsa. Masta ya koma shagon gaba, yaronka ya koma mota."

"In burodina ya lalace fa?"

"Ka ba ni wata uku."

Alhaji ya amince. Da aka sallamo Masta daga asibiti na zaunar da shi, na faɗa masa da baki, sannan na ba shi a rubuce. An ɗauke shi daga kwaɓi. Ba za a sa shi a mota ba, na gaya masa dalili. Zai riƙe shagon gaba, albashinsa yana nan, ranar asibiti ya sanar da ni da wuri. Bayan wata uku mu zauna mu duba. Larurarsa kuma ba zan yi zancenta da kowa ba sai Alhaji. Ya karanta a hankali, ya ce, "Na gode, Manaja," amma fuskarsa ba ta saki ba. Wanda ake kira Masta a ɗakin kwaɓi zai koma miƙa wa dillalai burodi.

Makon farko na azumi burodin ya ƙi tashi. Wani mai shayi ya dawo mana da shi, Alhaji ya kira ni ya yi faɗa har na nesanta wayar daga kunnena, ɗan yayar nasa kuma ya daina gaishe ni. Masta ne ya ce mataimakin ya riƙa fito masa da ɗan curin kwaɓin zuwa tsakar gida. Zai danna da yatsa ya ce a ƙara ruwa, ko a bar shi ya huta. Kafin tsakiyar azumi masu shayi sun daina ƙorafi.

Da wata ukun suka cika muka zauna mu uku. Asmar ba ta tafi ba, amma bai sake kwana a asibiti ba. Alhaji ya ce a bar shi a shagon, a kuma toshe wata taga da ke tsakanin shagon da ɗakin kwaɓi don kada ƙurar fulawa ta shigo masa.