Layin da na ƙara a ƙasan hoton 'yata

Shekarun baya, lokacin da duk inda ka juya a Abuja gini ake yi, muna haya a Nyanya, ni da 'yata. Babanta ya rasu tun tana firamare. Ta samu aiki a wani shagon sayar da labule a cikin gari, kullum sai ta yi sammako saboda cunkoson hanya.

Ƙofarmu na kallon ta wani bawan Allah, mutumin Filato, direba a wani babban gida a Maitama. Yana da tsohuwar motarsa da yake tafiya aiki da ita, yana ɗiban 'yan unguwa a hanya. 'Yata gidan gaba take zama. Idan ta makara sai ya danna hon ya ce, "Mama, gaya wa yarinyana oga ba ya jira fa!" Matarsa kuwa duk Kirsimeti sai ta aiko mana da shinkafa, ta ce, "Musulmi ne ya yanka kazar, ki ci."

Wata Talata 'yata ta fita ba ta dawo ba, wayarta a kashe. A shago aka ce ta tashi tun la'asar. Washegari na je ofishin 'yan sanda. Wata 'yar sanda ta rubuta bayanina, ta tambayi kayan da ke jikinta da inda aka gan ta a ƙarshe. Na faɗa mata maƙwabcinmu ne ya kai ta da safe, ta rubuta. Sai ta ce, "Hajiya, in za ki sa cigiya a waya, ki sa hoto da kalar kaya da lambar da za a kira. Wanda ya san wani abu ya kira mu, ko ya kira ki. Kada ki ce a faɗi sunan kowa a fili. In da mai laifi, kin ankarar da shi ya gudu. In babu, kin jefa wani a bakin duniya." Na ce to. Wallahi na ji ta, ba zan ce ban ji ba.

Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ina ji da ɗan rubutun nan nawa kamar wadda ta yi digiri. Na zauna da yatsa ɗaya na rubuta cigiyar da kaina. Da na karanta sai na ga ta yi sanyi, kamar ba uwa ce ta rubuta ba. Sai na ƙara layi ɗaya: "Duk wanda ya ga wani tare da ita, don Allah ya rubuta sunansa a nan ƙasa, kada a rufa wa kowa asiri." Na sa a shafina, na tura zauren matan unguwa na waya.

Kafin azahar cigiya ta zaga gari. Masu addu'a suka yi. Wani ya kira ya ce tana hannunsu, na ce ya ba ta waya in ji muryarta, ya kashe. Wasu suka koma kan hoton, wai mai irin wannan kwalliya ai saurayi ta bi. Sai wata ta rubuta cewa ta gan ta da safe a motar direban nan, ta sa sunansa. Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani, 'yan sanda ma sun sani. Amma wani ya ɗora hotonsa, wani ya kawo lambar motarsa, wani da bai taɓa taka Nyanya ba ya ce ai ɗan wan-cans ne, irin masu ɗaukar fasinja su yi musu fashi. Aka haɗa hotonsa da nata wuri guda, aka zagaye fuskarsa da jan layi.

Na ga duk wannan. Sharewa ba ta fi ƙarfina ba, na san inda ake dannawa. Zuciyata ta ce, bari dai, wa ya sani? Mutumin da a daidai lokacin yake zaga asibitoci yana nema mini 'ya.

Ranar Alhamis ya tsaya shan mai kusa da tasha, wani ya ɗaga waya ya ce ga shi nan. Suka fasa gilashin motar, suka karya masa hannu, da ƙyar 'yan sintiri suka ƙwace shi. Daga gidan da yake aiki aka aiko cewa kada ya sake zuwa, ba sa son fitina a ƙofarsu.

Ranar Juma'a wata nas ta kira ni, ta gane fuskar a cigiya. Mota ce ta buge 'yata tana tsallaka titi, jaka da waya suka salwanta, aka kai ta asibiti ba ta san inda take ba. Hoton ya yi aikinsa, ban musa ba. Layin da na ƙara kuwa bai nemo kowa ba.

Na goge cigiyar, na rubuta cewa an same ta, maƙwabcina ba shi da laifi. 'Yan tsiraru suka ce Alhamdulillah, ba wanda ya tura gaba. Wancan hoton mai jan layi kuma ya riga ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. 'Yata da ta warke ta gani, ta ce, "Umma, yanzu duk mai neman sunana wannan zai fara gani?"

Direban da iyalinsa sun tashi daga unguwar, suka koma Durumi, ɗaki ɗaya. Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta dube ni ta ce, "Maman yara, da bakinki kika taɓa ce min shi ne ya zame wa yarinyar nan uba." Shi ya ce ta ba ni kujera.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Mama, na yafe. Ko ni ne yarona ya ɓata, kaina zai juya. Amma duk inda na je neman tuƙi, sai oga ya duba waya ya ce zai kira ni. Tunda kin iya rubutu, ki rubuta min a takarda."

Matarsa ta yago takarda daga littafin makaranta. Na rubuta cewa ni ce uwar yarinyar, mota ce ta buge ta, wannan mutumin alheri kawai ya yi mana. Na sa hannu da lambata. Mutum biyu suka taɓa kira su tabbatar, na biyun ya ɗauke shi tuƙin motar ruwan leda.

Har yau in na ga cigiya ina turawa, don na san zafin. Amma sai na karanta har ƙasa. In na ga an ce a faɗi suna, nakan kira lambar in ce, 'yar'uwa, cire wannan layin, a faɗa miki a kunne, ki kai wa hukuma. Wasu su ji, wasu su ce ba 'yata ce ta ɓata ba.

Bara na haɗu da shi a tashar Nyanya, ya yi furfura, hannun bai miƙe daidai ba. Muka gaisa, ya tambayi jikokina. Har zan wuce ya zaro takardar nan daga aljihun gaba, ta yi laushi, ta tsage a wurin ninki. Ya ce hoton ya sake fitowa a wani zaure, an ce sabon labari ne.

"Rubutun biron ya goge, Mama. In ba damuwa, ki sake min wani."

Na ari biro wurin mai shago, na ɗora takarda a kan bonet ɗin motarsa, na fara daga farko.