Rautar Dinah Ta Tafi Jana'iza

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon Ambrose da ke bakin kasuwar Zuru ya san Dinah. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a gaban kwamfutar nan, tana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki da tsarin sujadar jana'iza. 'Yar soja ce, a bariki ta girma, shi ya sa idan ta ce maka ƙarfe biyu, to ƙarfe biyun ne. Aibinta ɗaya, in ma aibi ne: ba ta iya kallon idon babba ta ce a'a.

Da hawan jini ya kayar da mahaifiyarta, Mama Margaret, ɓarin jiki ya shanye, sai zaman shago ya gagara. Dinah ta tattara ta dawo gidansu na Rikoto, tana juya tsohuwa, tana ba ta kunu da cokali. Wata bakwai ba albashi. Daga nan wani kamfanin fitilun sola da ke Abuja ya ɗauke ta gwaji: ta zauna a ɗakinta, ta sa abin sauraro a kunne, ta riƙa amsa kiran masu sayen kaya ta kwamfuta, da Hausa da Turanci. Gwajin mako biyu ne. Ranar ƙarshe shugabarta, Madam Nkechi, za ta saurari kiranta kai tsaye, kuma ta faɗa mata tun farko ba ɓoye-ɓoye: idan layi ya yanke sau uku a ranar, wata za a ba wa kujerar.

To, ga inda gizo ke saƙar. Gidansu Dinah a bayan tudu yake, waya a cikin ɗaki sandar sabis ɗaya take kamawa, in ta yi kirki biyu. Wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa kuwa, irin wadda ake ja wa gidajen manyan birane, ba ta iso unguwarsu ba. Hanya biyu ta rage mata. Akwai Muntaka, mai ɗan kamfaninsa na intanet, wanda ya zo ya zagaya gidan ya ce zai kafa dogon ƙarfe a tsakar gida, ya ɗaura ɗan faranti yana fuskantar turken intanet ɗinsa da ke kan tudu, ya jawo waya har ɗakinta, kuɗin wata a yanke, ba ruwanta da lissafin data. Sai dai kuɗin kafawar ya kusa cinye duk abin da ta ajiye. Akwai kuma rauta, ɗan farin akwatin nan mai ƙaho biyu da ake sa wa layin waya a sayo masa data ta wata, wadda tsohon maigidanta Ambrose yake sayarwa.

Ambrose bai cuce ta ba, a faɗi gaskiya. Ya ba ta ta je ta gwada, ta ɗora ta a tagar gabas, sai ga sabis ya cika, domin ƙahonin nan sun fi na cikin waya ƙarfin kamawa. Ta yi lissafi, aikinta ba ya cin abin da ya wuce giga biyu a yini, giga ɗari ta ishe ta wata har da saura. Abin da ya ƙarasa janye ta shi ne maganar da Ambrose ya yi yana ɗaga akwatin da hannu ɗaya: “Wannan duk inda za ki je ki ɗauki abinki. Na Muntaka kuwa yana nan a kafe kamar kuka.”

Muntaka da ya ji, dariya kawai ya yi. “Anti Dinah, a garin nan kike sayen abin da ake ɗauka da hannu ɗaya? To Allah ya sa alheri.” Ta ɗauka haushin rasa ciniki ne.

Kwana tara aiki yana tafiya sumul. Madam Nkechi har ta yaba mata, ta ce tsofaffin ƙauye suna jin daɗin yadda take musu bayanin caji da batir ba tare da ƙosawa ba. Dinah ta fara tunanin keken guragu da za ta saya wa Mama. Gwajin ƙarshe ya faɗa ranar Litinin.

Ranar Juma'a da yamma sai ga Baba Gabriel, ƙanen mahaifinta, dattijo a cocinsu, mutumin da ba a taɓa yin taro a dangi bai riƙe makirufo ba. Ya gaida mara lafiya, ya yi mata addu'a doguwa, idonsa kuwa yana kan taga. Tsohon Saje Aaron, yayan su Baba Gabriel na ɗaki ɗaya, ya rasu a Dabai, gobe Asabar jana'iza. 'Ya'yansa uku duk sojoji ne, suna bakin daga, ba a ba su izinin zuwa ba.

“Ɗiyata,” in ji shi, “an ce wannan abin naki yana kai hoto har inda yaran nan suke. Ki ba mu shi gobe su ga an sa ubansu a ƙasa. Kafin rana ta faɗi yana hannunki.”

“Baba, da shi nake aiki. Ranar Litinin...”

“Gobe Litinin ce? Ko aikin ya fi gawa?”

Ita ma 'yar soja ce, ta san zafin a binne naka kana can wani daji. Ta cire rautar daga taga, ta haɗa masa da batirinta, ta rubuta lambar sirri a 'yar takarda, ta roƙe shi har sau uku kada ya ba kowa sai mai ɗaukar hoton. Ya ce haba, shi yaro ne? Ya cusa akwatin a aljihun babbar riga ya fita.

Abin da aka yi a Dabai, daga baya ta ji shi dalla-dalla, kuma tir da shi. Kafin a fito da gawa an kwafe lambar da gawayi a jikin kwali an jingina a gindin mangwaro. Rautar ba ta ɗaukar fiye da waya talatin da 'yan kai a lokaci guda, to wani na sauka wani na hawa. Ita kuwa waya, da zarar ta ji ta hau irin wannan layi, sai ta ɗauka kyauta ne, ta shiga sabunta manhajojinta, tana tura hotunan shekara guda can ma'ajiyar intanet, mai ita bai ma sani ba. Ga matasa sun juya wa kabari baya suna sauke finafinai. Abin takaicin ma, saboda cunkoson nan hoton da aka ari abin dominsa sai tsayawa yake yana daskarewa, 'ya'yan marigayin ba su ga saukar akwatin gawa ba, fuskar Baba Gabriel suka gani a sandare, baki buɗe.

Asabar ta wuce, shiru. Ranar Lahadi Dinah ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Mama, ta hau babur har Dabai. Aka ce ai Baba Gabriel ya raka dangin matar marigayin ƙauyensu can wajen Bena, za a yi sujadar godiya, kuma yaran suna so su gani. Ta kira shi ya fi sau goma, waya a kashe. Ta tsaya a tsakar gidan makoki, ana miƙo mata tuwo, ana ce mata Allah ya saka, ita kuwa ji take kamar ta kurma ihu. Ta ce amin, ta hau babur ta koma.

Litinin da safe ta yi abin da ya rage. Barin gida ba zai yiwu ba, maƙwabciyar ta tafi gona, kuma kamfanin ba ya yarda a amsa kira cikin hayaniyar shago. Ta sayi data a wayarta, ta ɗaure wayar da kyauron roba a ƙarfen tagar gabas, ta jona kwamfutar da ita. Sanda biyu, wani lokaci uku. Ta yi addu'a, ta sa abin sauraro.

Kira huɗu suka wuce lafiya. A na biyar sabis ya zame, muryar wani manomi ta kakkarye ta ɓace. Ɗaya ke nan. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata 'yar zumuntar matan cocinsu ta bugo mata, kuma a layin Dinah, da kira ya shigo sai waya ta sauka daga sabis mai ƙarfi ta koma ƙarami, data ta tsaya cak. Kafin ta kai hannu ta katse, layin aiki ya tafi. Biyu. Madam Nkechi ta rubuto mata: “Dinah, saura ɗaya. Don Allah ki kula.”

Dinah ta lallaɓa har kusan ƙarfe biyu, tana magana da wata tsohuwa daga Yawuri wadda fitilarta ta ƙi kamawa, har ta gano mata cewa ƙura ce ta rufe farantin, tsohuwa tana sa mata albarka. Sai tagar ta ɗauki kaɗawa, kira ya shigo. Ta ɗaga ido ta ga sunan a fuskar wayar. Muryar tsohuwar ta yanke a tsakiyar “Allah ya ba ki”.

Tunda ta riga ta faru, sai ta kwance wayar ta ɗauka.

“Ɗiyata!” in ji Baba Gabriel, ana jin kiɗa a bayansa. “Wannan abin naku ashe ba shi da ƙarko. Tun jiya ya nuna jar wuta. Yara sun ce data ce ta ƙare. Ki sa mana wata yanzu-yanzu, mutane na jira.”

Ƙyama ce ta kama Dinah, ƙyamar shi, da ta masu kwalin, da ta kanta da ta miƙa da hannu biyu. Ta kashe wayar. Saƙon Madam Nkechi ya shigo bayan minti ashirin, gajere, mai ladabi, cewa an ba wata kujerar, har da cewa ta ji ba daɗi.

Rautar ta dawo ranar Laraba a cikin baƙar leda, ƙaho ɗaya a karye, tana warin man ja, tare da ƙullin soyayyen nama na godiya. Dinah ta ba maƙwabciya naman.

Ranar Lahadi a coci, lokacin sanarwa, Baba Gabriel ya karɓi makirufo. Ya yaba wa ɗiyarsa Dinah da ta nuna abin da ake kira zumunci, ya kuma shaida wa jama'a cewa daga yau duk mai biki ko rasuwa da ke da 'ya'ya a nesa kada ya damu, akwai na'ura a gidan ɗan'uwansa.

“Dinah, tashi a gan ki, a tafa miki!”

Coci ta ɗauki tafi. Kawuna suka juyo. Matar da ke kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu, ta sake zungurarta. Dinah ta kafe Baba Gabriel da ido, hannuwanta a kan cinya, ba ta motsa ba. Ya sake kiran sunanta, yana 'yar dariya. Tana nan zaune har tafin ya yi ta raguwa ya mutu, aka bar shi tsaye da makirufo a hannu.