Shirun da Rediyo Ta Bari

Tun tana ƙarama ake kiranta Rediyo, kuma gwaggonta ce ta ja mata sunan. Shekarar da idanun Gwaggo suka mutu, yarinyar ta koma zama kusa da ita gaban talabijin, tana raɗa mata abin da ake yi. Gwaggo kuwa ba ta da sauƙi. In Rediyo ta ce mutumin ya tsorata, sai ta ji rankwashi.

"Kin shiga cikinsa ne? Faɗa min abin da kika gani, ni zan yanke hukunci."

"Hannunsa na rawa."

"Yawwa."

Wasa-wasa abin ya zama sana'a. Yanzu Rediyo tana aiki a wani ƙaramin kamfani a saman shagon gyaran firji, tana rubuta bayanin fina-finai don makafi da masu raunin gani. Takan lalubi inda 'yan fim suka yi shiru ta cusa jimlarta, ba ta hau maganar kowa ba, ba ta rufe ƙarar da ya kamata a ji ba. Rubutun da ya fito a allo ma sai ta karanta shi. Kafin mai murya ya ɗauka, dole makaho ya saurara ya amince. Wadda kamfanin ya ɗauka don wannan kuwa, ai kun riga kun sani, Gwaggo ce.

Shirin da aka kawo mata a wannan mako ba wasan kwaikwayo ba ne. Mahaƙan ma'adinai aka ɗauko a wani rami mai nisa. Can wajen ƙarshe mazaje suna sauka da igiya ɗaya bayan ɗaya, fuskoki a naɗe da tsumma, ba mai magana. Na ƙarshensu, kafin ya zura ƙafa, sai ya taɓa wuyan hannun mai riƙe igiyar da yatsa, sau biyu. Daga nan allo ya yi baƙi, rubutu ya fito: bayan an gama ɗaukar shirin ramin ya rufta, ba wanda ya fito.

Rediyo ta mayar da wurin baya har idonta ya yi zafi. Haka Auta, ɗan Gwaggo, yake taɓa uwarsa in ya shigo ɗaki, don ta san shi ne. Da zai bar gari ya ce musu aikin sito ya samu. Tun watan jiya wayarsa take a kashe. Ta kira masu shirin, suka ce ba su ɗauki sunan kowa ba. Tsoro ya kama ta. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta rubuta "suna sauka ɗaya bayan ɗaya", ta bar sauran wurin fayau.

Ranar saurare, Gwaggo ta hau matakala tana mita, ta jingina sandarta a ƙofa, ta tsokani mai haɗa sauti cewa turarensa ya riga shi gaisuwa. Aka kunna shirin, Rediyo tana karanta bayaninta a kai. Gwaggo ta gyara kalma nan, ta ce a rage can. Da aka zo ramin, igiya ta yi ta kuka a bakin ƙarfe, Rediyo ta yi gum.

Gwaggo ta ɗaga hannu. Mai sauti ya tsayar.

"Igiyar ta tsaya kafin na ƙarshe ya sauka. Me ya tsayar da ita?"

"Ba komai, Gwaggo."

"'Yar nan, ke da ko kaza ta gifta sai kin ba ta jimla? Masu ido suna kallon wani abu a nan, ni kin bar ni a waje. Mayar."

Aka mayar. Firjin da ake gwadawa a ƙasa ya ɗauki gurnani. Rediyo ta dubi tsohuwar da ta koya mata cewa ɓoye wa makaho abin da kowa ke gani sata ce, ta ji tausayinta kamar ta fasa kuka.

"Na ƙarshe dogo ne, fuskarsa a rufe," in ji ta. "Ya taɓa wuyan hannun mai igiya da yatsa, sau biyu. Ya sauka."

Gwaggo ba ta motsa ba. Can sai hannunta na dama ya tafi a hankali ya kama wuyan na hagu.

"Ci gaba," ta ce wa mai sauti.

Igiya ta gama kukanta. Kiɗa ya ɗauke. Ɗakin ya yi tsit.

"Sauti ya mutu amma ba ku tashi ba," in ji Gwaggo. "Akwai rubutu ke nan."

"Akwai."

"To, karanta min. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya."

Rediyo ta matso da kujerarta har gwiwarsu ta haɗu, kamar dā a gaban talabijin, ta fara karantawa.