Hajara Mai Kifi da Sallar Ɓoye

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Madarumfa ya san Hajara, ko bai san sunanta ba ya san ƙanshin kaskonta. Tana soya kifin tafki da yajin da ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ke cikinsa ba. Ɗiyar garin Safo ce, aure ya kawo ta. Mijinta Ɗanlami masunci ne, mutum mai ƙarancin magana, kuma a gida ɗaya suke zaune da mahaifiyarsa, Inna Ummulkhairi.

Hajara mace ce mai barkwanci, amma shekaru da yawa barkwancin nata rabin wata ne kawai. Ɗaya rabin na jini ne. Tun bayan haihuwarta ta biyar al'adarta ta zama ba ta da kunya: ta zo da yawa, ta daɗe, ta tafi kamar ba ta so. Hajara ta rame, tafin hannunta ya yi fari, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Har ta koma cin farar ƙasa a ɓoye kamar mai ciki. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi dab da kaskon mai, Ɗanlami ya ɗora ta a babur sai gidan likita.

Ungozomar da ta duba ta, Madam Farida, ta auna jininta ta ce ya yi ƙasa sosai. Ta bincika cikinta, ta tabbatar ba wata cuta ce ke zubar da jinin ba, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Sannan ta nuna mata wata ƴar roba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zare a gindi, wadda ake sakawa cikin mahaifa. Ta ce iri biyu ce: akwai mai jan ƙarfe, ita wannan takan ƙara jinin wata, ba ta dace da Hajara ba, akwai kuma mai magani a jikinta, da ke sakinsa kaɗan-kaɗan na shekaru, tana hana ɗaukar ciki tana kuma rage jinin. Hajara ta yarda, Ɗanlami ma ya yarda. Abu ɗaya ya ce a hanyar gida: kada Inna ta ji.

Ba don Inna muguwa ce ba. Tana son Hajara kamar ita ta haife ta. Sai dai Inna ta yi imani da cewa jinin da bai fito ba taruwa yake a ciki ya dunƙule. Yayarta ta rasu da kumburin ciki, kuma ba malamin da ya isa ya raba ta da cewa jini ne ya kwanta mata. Tana da wani jiƙon sassaƙe mai ɗaci da take ɗura wa duk macen da watanta ya yi jinkiri, wanda ke sa mutum ya wuni a bayan gida. Ga ta kuma da ido. Ba ta tambayar kowa komai, buta da tabarmar salla kawai take kallo, ta san macen da ke fashin salla a gidan da ma maƙwabta.

Watannin farko robar ta taimaki asirin Hajara, don jini ya riƙa ɗigowa ba tsari, yau kaɗan, jibi ba komai, kamar yadda aka gaya mata zai yi. Daga nan ya koma ɗan tabo. Daga nan sai shiru. Hajara ta tsorata, ta koma gidan likita tana zaton ko ciki ne. Aka gwada fitsari, babu. Madam Farida ta ce mata ba abin tsoro, mata da yawa masu wannan roba haka suke, ta tafi ta ci gaba da harkarta.

Ta ci gaba kuwa. Kumatu suka fito, jiri ya tafi, farar ƙasa ta fita ranta. Tana ɗaukar kwandon kifi daga bakin tafki har tasha ba ta tsaya hutawa. Abin da ya rage mata shi ne idon Inna.

Sai ta ƙirƙiro wa kanta al'ada. Duk wata takan zaɓi wasu kwanaki ta daina fitowa da buta tsakar gida. Takan shiga makewayi da ruwa a gwangwanin tumatir ta yi alwala, ta rufe ƙofar ɗaki ta yi sallarta, ta fito tana riƙe ƙugu tana yatsina. Ana jin labarin masu ƙaryar sun yi salla alhali ba su yi ba. Hajara ce kaɗai a garin ke ƙaryar ba ta yi alhali ta yi. Ɗanlami in ya shigo ya same ta tana sujada a lungun gado kamar mai neman allura, sai ya fita ya tsaya a ƙofa yana tari da ƙarfi, wai gadi yake.

Haka aka tafi har azumi ya kama.

A gidan, macen da ba ta azumi ita ke ɗanɗana gishirin miya da sukarin kunu. Kuma da yake Inna ta san yadda wata ke wahalar da sarakuwarta, ta saba duk azumi in Hajara na fashi ta aika a sayo mata hanta a gasa, ta kai mata ɗaki da rana ta ci ta maida jini. Da tsakiyar azumi ta zo Hajara ta shiga al'adarta ta ƙarya, sai ga hanta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin gado. Da sahur Ɗanlami ya cinye, ya ce Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Miya kuwa, takan kai ludayi kusa da baki ta juya baya, ta ce gishiri ya ji. Rannan aka sha ruwa da miyar da ko akuya ba za ta lasa ba, Inna ta dube ta ta dubi tukunya.

Washegari da azahar Inna ta shigo da kwanon hanta, amma maimakon ta ajiye ta fita, sai ta jawo kujera ƴar tsugunne ta zauna.

“Ci in gani, ɗiyata. Jiya na lura bakinki ba ya jin ɗanɗano.”

Hajara ta ce da zafi. Inna ta ce za ta jira. Ta ce cikinta a cushe yake. Inna ta ce ai jiƙonta na nan a shirye, bari ta ɗauko. Hajara ta dubi hantar nan. In ta kai baki ta karya azumi da gangan, ga kaffarar wata biyu a jere, ga tsayuwa gaban Allah a ce ta karya don tsoron tsohuwa. In ta faɗi gaskiya, robar da ta tsayar da ita da ƙafafunta ta tafi. Ta ɗauki yanka ɗaya, ta kai har ƙanshin ya bugi hancinta, ta mayar.

“Inna, azumi nike.”

“Azumi cikin jini?”

“Babu jinin, Inna. Rabona da shi tun kaka.”

Fuskar Inna ta washe, ta fara hamdala tana kallon cikin Hajara. Dole Hajara ta katse mata murna ta ba ta labari tun daga farko. Inna ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta yafa mayafi, ta ce yanzun nan za su je a zare abin nan kafin jinin ya kai mata zuciya. Ɗanlami da ya ji abin da ke faruwa sai ya tuna komarsa ta kamun kifi na bukatar gyara a bakin tafki.

A gidan likita Inna ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta tambayi Madam Farida ina ta tara jinin ɗiyarta na wata da watanni. Ungozomar ta ba ta kujera, ta ce jinin wata ba wani datti ba ne da jiki ke tarawa. Duk wata mahaifa kan yi wa cikinta yaɓe mai kauri saboda baƙo; in ciki bai shiga ba, sai yaɓen ya zubo, shi ne jinin da ake gani. Maganin robar nan yana hana yaɓen yin kauri, to in babu yaɓe mi zai zubo? Jinin da a da ke tafiya a tsumma yana nan yana yawo a jijiyoyin Hajara, shi ya sa ta daina faɗuwa. In aka zare robar, al'ada za ta dawo, haihuwa ma in ana so. Abin da zai sa a rugo shi ne ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, ko alamun ciki, ko a ji robar ta zamo. Ta ƙara da cewa zarewa ba wuya, amma mai jikin ce za ta ce a zare.

Inna ba ta gamsu ba. Ta sa Hajara ta kwanta, ta danna cikinta da kanta ta ko'ina, ba ta ji dunƙule ba. Ta ja fatar idonta ƙasa ta ga ja wur. Duk da haka ta ce ita dai ta san abin da ba ya fita yana ciki.

Hajara tana kwance tana kallon rufi, ta ce a hankali, “Inna, ke fa rabonki da shi tun kafin a kawo ni gidan. Naki ina ya taru?”

Madam Farida ta sunkuya tana neman wani abu cikin aljihun tebur, kafaɗunta na rawa. Inna ta gyara mayafi, ta ce yaran yanzu ba su da ta ido. Sai ta tambayi ungozomar ko da gaske yarinyar nan yanzu ba ranar da za ta yi fashin salla. Aka ce mata muddin ba ta ga komai ba, tsarkinta ƙalau. Inna ta ce to a bar abin inda yake.

Hajara ta yi zaton ta tsira. A daren nan Inna ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ce ta fito a tafi asham, tunda ba uzuri. Bayan salla ƙarama ta ja ta suka yi sitta shawwal. Daga nan Litinin da Alhamis, don Inna ta daɗe tana neman abokiyar azumi a gidan ba ta samu ba. In Hajara ta ce ta gaji da tsayuwa gaban kasko, sai Inna ta ja mata fatar ido ta ce jini ya cika, tashi.

Robar tana nan har yau, Hajara ma tana tasha da ƙibarta da surutunta. Kwanakin baya da ta je a duba mata zaren robar, an ce komai daidai. Ta ɗaura zane, ta leƙa ƙofa ta tabbata Inna ba ta biyo ta ba, sannan ta matso kusa da Madam Farida ta tambaya ko akwai irin robar da ke barin mutum da ɗan fashin salla, ko da na yini biyu ne. Ungozomar ta ce wasu matan kan ga ɗan tabo jefi-jefi, amma ba ta da ikon yi mata odarsa. Hajara ta ce to a sa ta a addu'a, ta ɗauki kwandonta.