Jatan Landen Ummu Karrar

Maƙwabciyata Ummu Karrar ta fi kowa sanin firizojin unguwarmu a Basra. Tun da aka yi wa ɗanta Karrar dashen ƙoda, likita ya ce gurɓataccen abinci zai iya mayar da shi asibiti. Ran nan Karrar ya yi kwaɗayin jatan lande, na raka ta kantin Abu Sajjad.

Ta ɗauki ledar jatan lande daga firiza ta girgiza a kunne. Shiru. Abin ya dunƙule wuri guda, jan ruwa ya daskare a gindin ledar.

"Abu Sajjad, wannan ya narke ya sake daskarewa."

"Haba Hajiya, likita kika zama? Janaretana bai taɓa tari ba!"

"To wa ya yi masa wanka, aljanu?"

Na ƙirga, leda tara ta ajiye gefe. Kanti na biyu da na uku ma haka. Rana tana dukanmu, na ce mu haƙura da kaza.

Ta ce, "Ai jatan lande Karrar ya ce yana so."

A kanti na huɗu ta zura hannu can ƙasan firiza, ta ciro leda ta girgiza. Kacau-kacau, kowanne a ware, babu tarin ƙanƙara a ciki.

Ta saya ta dafa, Karrar ya cinye, har ya nemi ƙari.